Kafin Mu Ce Makaranta Ta Ci Mana Maki



Duk wanda aka sani da riƙe biro a gida ko a unguwa, akwai wani aiki da ke biyo shi ba tare da ya nema ba. Da zarar an saki sakamakon jarrabawa sai hotuna su fara faɗowa wayarsa. Ƙani ya turo nasa, 'yar maƙwabta ta turo nata, kowa da buƙata guda: "Yaya, duba mana ko lissafin nan daidai yake." Mu da muka yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha aikin ya fi yawa a kanmu, domin ana ganin mun san gidan. Abin da muka koya daga yawan dubawa shi ne, ba a amsa wannan tambaya daga kallon hoto. Ido ba mudu ba ne. Sai an sauke abin da ke cikin hoton zuwa jadawali, an sake lissafin daga tushe, sannan a gwada namu da na takarda. In an sami saɓani kuma, girman giɓin da kansa yakan nuna inda matsalar take.

Bari mu fara da abin da takardar ke ɗauke da shi. Kowane kwas yana da yunit, wato nauyinsa, galibi 2 ko 3. Yana da makin da ɗalibi ya ci cikin 100, da harafin da makin ya ba shi. Kowane harafi kuma yana da ƙimarsa. A tsarin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977 take kuma da hedikwata a Kaduna, A tana farawa daga maki 75, ƙimarta 4.00. AB daga 70 ce, ƙimarta 3.50. Daga nan kowane harafi yana sauka da maki biyar, ƙimarsa na sauka da 0.25: B daga 65 tana da 3.25, BC daga 60 tana da 3.00, C tana da 2.75, CD 2.50, D 2.25, har zuwa E da ke farawa daga 40 mai ƙimar 2.00. Ƙasa da 40 kuwa F ce, ba ta da komai. Idan aka ninka yunit da ƙimar harafi sai a sami foyin ɗin kwas. A tara foyin duka, a raba da jimlar yunit, abin da ya fito shi ne ake bugawa a ƙasan takarda da sunan GPA.

Wannan ma'auni na masu difloma ne. Yawancin jami'o'inmu da ma'aunin 5 suke aiki, A ɗinsu kuma daga 70 take farawa. Saboda haka in takarda ta zo da nata bayanin haruffa a ƙasa ko a bayanta, shi muke bi, mukan ma roƙi a ɗauko mana hoton bayan takardar.

Kafin mu kwafi ko da lamba ɗaya, hoton muke fara yi wa tambayoyi. Kusurwoyin takardar huɗu sun fito? In ba su fito ba, babu tabbacin cewa wani layi bai faɗi a gefe ba. Hasken fitilar waya ya wanke wani wuri? Ninkin takarda ya ratsa ta kan lambobi? An ɗauke ta a karkace, har makin wani kwas ya zame ya daidaita da sunan na ƙasansa? Wannan na ƙarshen ya fi kowanne haɗari, domin kowace lamba tana fitowa tas, wurin zamanta ne kawai ya sauya. In hoton ya gaza, muna neman sabo: a shimfiɗa takardar a kan tebur, a hasken rana, a kashe fitila, a riƙe wayar daidai saman takardar. Sannan a turo shi a matsayin fayil, domin manhajojin hira suna matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, a wajen matsewar ne 3 take komawa kamar 8, BC kuma wutsiyarta ta dushe ta zama kamar B.

Sai dokar da muka fi riƙo da ita, wato raba kwafi da lissafi. A zagaye na farko aikinmu na magatakarda ne. Abin da takarda ta ce shi muke rubutawa, ko da mun ga kamar kuskure ne. Lambar da ba ta fito ba mu sa mata alamar tambaya, ba ma cike ta da abin da ya fi dacewa. Jimlolin da aka buga a ƙasa mu kwafe su gefe guda yadda suke. Sai an gama wannan kaf, an sake bin jadawalin daga ƙasa zuwa sama ana gwada shi da hoton, sannan mu buɗe sabon layin tsaye mu sa masa suna "namu". Dalili kuwa, in aka cakuɗa kwafi da gyara, daga baya ba za a san wace lamba ce ta makaranta, wace ce tamu ba, kuma wanda zai je ofis da ƙorafi ba shi da abin nunawa.

Ga misalin da ya zo hannunmu. Wata ƙanwarmu da ke shekarar farko a sashen kasuwanci ta turo takardar zangonta na farko. Takardar ta nuna yunit da maki da harafi na kowane kwas, amma ba ta buga foyin ɗin kowane layi ba, jimloli kawai ta bayar a ƙasa: yunit 18, foyin 52.25, GPA 2.90. Ita dai ba ta zargi komai ba. Cewa ta yi, "Yaya, ƙawata da na fi ta a kusan kowane kwas, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai yadda na zata ba. Ko haka abin yake?"

Wajen kwafi mun ci karo da wuri ɗaya mai duhu. Ninkin takarda ya bi ta kan makin Tattalin arziki, ana ganin 6, amma lamba ta biyu tana iya zama 0, tana iya zama 8. Muka sa alamar tambaya muka wuce. Da muka dawo, harafin da ke gefensa ya raba gardama: BC ce, kuma BC daga 60 zuwa 64 take, saboda haka 68 ba ta da wurin zama. Wannan shi ne amfanin maki da harafi a layi ɗaya, kowanne shaidar ɗan'uwansa ne. Duk da haka sai da sabon hoto ya iso muka ga 60 da idonmu kafin muka goge alamar. Jadawalin ya tsaya kamar haka:

| Kwas | Yunit | Maki | Harafi | Ƙima | Foyin namu |
|---|---|---|---|---|---|
| Turanci | 2 | 62 | BC | 3.00 | 6.00 |
| Zama ɗan ƙasa | 2 | 71 | AB | 3.50 | 7.00 |
| Lissafin kasuwanci | 3 | 57 | C | 2.75 | 8.25 |
| Akanta | 3 | 66 | B | 3.25 | 9.75 |
| Tattalin arziki | 3 | 60 | BC | 3.00 | 9.00 |
| Ƙididdiga | 3 | 52 | CD | 2.50 | 7.50 |
| Kwamfuta | 2 | 76 | A | 4.00 | 8.00 |

Layuka huɗu na farko daga takarda suka fito. Biyun ƙarshe namu ne.

Bincike kuma bi da bi muke yin sa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko, yawan kwasa-kwasai: bakwai a hoto, bakwai a jadawali, bakwai kuma a takardar rajistar da ta cike farkon zango. Na biyu, kowane maki ya dace da harafinsa? Duk bakwai sun dace. Na uku, jimlar yunit: kwas uku masu 2 sun ba da 6, huɗu masu 3 sun ba da 12, an sami 18, daidai da takarda. Na huɗu, rabon da makaranta ta yi: 52.25 a raba da 18 ya ba da 2.90, shi ma ba laifi. Wanda ya tsaya a nan zai ce komai lafiya, kuma a nan mafi yawan masu dubawa ke tsayawa, domin lambobin ƙasa uku sun yarda da junansu. Sai bincike na biyar, tara foyin layi bayan layi. Namu ya ba da 55.50, wanda in aka raba da 18 zai zama 3.08. Takarda ta ce 52.25. Giɓin 3.25.

Mai kwamfuta ko manhajar jadawali a waya yana iya tabbatar da wannan da layi ɗaya, in yunit na gidan B, ƙima kuma na gidan E:

```
=SUMPRODUCT(B2:B8,E2:E8)/SUM(B2:B8)
```

Sai dai a kula, in wata lamba ta shiga a matsayin rubutu, manhajar za ta tsallake ta shiru ba tare da ta yi ƙorafi ba. Shi ya sa ko mun yi da na'ura mukan maimaita da biro.

To, an sami giɓi. Nan ne zuciya ke gaggawar cewa an ci wa yarinya maki, nan ne kuma ya kamata a fi natsuwa. Waɗanda ake tuhuma uku ne: hoton, kwafinmu, da takardar kanta. Hoton mun sabunta shi. Kwafi mun bi shi sau biyu, mun kuma sa ta karanto mana lambobin da baki daga asalin takardar muna bi da yatsa. Saura takarda. A nan sai muka tambayi giɓin da kansa: wane irin kuskure ne zai haifi 3.25 cif?

Zato na farko shi ne, wataƙila an yi lissafi da wani harafi daban da wanda aka buga, misali an gyara makin wani kwas bayan an riga an tara jimla. Wannan yana faruwa, kuma yana da alamarsa. Ƙimar haruffa tana tafiya ne da taki na 0.25. In kwas mai yunit 2 ne harafinsa ya sauya, giɓin zai zama 0.50, ko 1.00, ko 1.50, haka dai. In mai yunit 3 ne, zai zama 0.75, ko 1.50, ko 2.25, ko 3.00. Lambar 3.25 ba ta cikin jeri na farko, ba ta cikin na biyu. Ashe sauyin harafi ɗaya ba zai iya haifar da ita ba.

Zato na biyu, an jefar da kwas guda wajen tarawa. In haka ne giɓin zai yi daidai da foyin ɗin wani layi, amma mafi ƙanƙanta a jadawalin 6.00 ne. Wannan ma ya faɗi.

Sai muka waiwayi layin ƙima, muka ga 3.25 zaune a wuri ɗaya tak: Akanta, inda ta ci B. Giɓin ya yi daidai da ƙimar B sau ɗaya. Ma'ana, in an ninka 3.25 da 2 maimakon 3, za a sami 6.50 a gurbin 9.75, jimla kuma ta sauko zuwa 52.25 ba ragi ba ƙari. Wato wajen ƙirga yunit an ɗauki Akanta mai 3, wajen ƙirga foyin kuma an ɗauke ta mai 2.

Wannan bayani ya yi kyau, amma bayani mai kyau bai zama hujja ba. Kurakurai biyu a kwas biyu daban suna iya haɗuwa su ba da 3.25. Don haka muka nemi gwajin da zai iya ƙaryata mu. In matsalar a yunit ɗin Akanta take, ba ita kaɗai ta shafa ba, kowa a ajin zai sami giɓi daidai da ƙimar harafinsa a wannan kwas. Muka ce ta roƙi ƙawar tata hoton takardarta. Ƙawar C ta ci a Akanta. Kafin mu taɓa lissafinta muka rubuta a gefe cewa giɓinta ya kamata ya zama 2.75. Muka sauke nata a jadawali, muka tara, ya fito 2.75. Wannan ya kuma amsa tambayarta ta farko, domin wanda ya fi ƙoƙari a kwas ɗin shi ya fi asara, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan tsuke.

Akwai kuma yiwuwar a ce Akanta mai yunit 2 ce tun asali, layin ne da jimlar yunit aka buga ba daidai ba. Mun auna wannan ma. In haka ne jimlar yunit 17 ce, 52.25 a raba da 17 kuma 3.07 ne. Ta kowace hanya aka bi, 2.90 ba ta tsaya ba. Takardar rajista dai 3 ta nuna.

Wani zai ce, zangon farko ne fa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Gaskiya ne ba da zango ɗaya ake yanke darajar difloma ba, da matsakaicin zango huɗu ne, wanda ake bugawa da sunan CGPA. Daga 3.50 zuwa sama ita ce babbar daraja, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, 2.00 zuwa 2.49 kuma fas. Amma jimlar foyin ba ta mutuwa da zangonta, ɗaukar ta ake yi a aza a kan ta gaba, har zuwa ƙarshe. A ce zango huɗun nan sun tara yunit 80, ɗaliba kuma ta cancanci foyin 241.50. Matsakaicinta 3.02 ne, babban kiredit. A cire 3.25 ɗin nan, saura 238.25, matsakaici ya koma 2.98, ƙaramin kiredit. Bambancin 0.04 ne kacal, amma shi za a rubuta a satifiket, shi kuma za a duba ranar da ta nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, inda wurare da dama babban kiredit suke nema. Gyara a zangon farko tafiya ce zuwa ofishi ɗaya. Gyara bayan an fitar da sakamakon ƙarshe kuwa, sai an tono fayil ɗin shekara biyu.

Tunda mun ambaci tarawa, akwai tarkon da masu dubawa ke yawan faɗawa a takardun zango na biyu zuwa sama. Ba a samun CGPA ta hanyar haɗa GPA biyu a raba gida biyu, sai in zangunan sun yi daidai a yawan yunit. Foyin duka ake tarawa, a raba da yunit duka. Wanda ya bi gajeriyar hanya zai ga saɓanin 0.01 ko 0.02, ya ɗauka makaranta ce ta yi kuskure. Kuma a irin waɗannan takardu muna ƙara bincike ɗaya: jimlar da aka ɗauko daga zangon baya ta yi daidai da wadda aka buga a takardar wancan zangon? Haka nan in foyin ya daidaita amma yunit namu ya gaza na takarda da 2 ko 3, a nemi kwas mai F. Ba shi da foyin, amma yunit ɗinsa na cikin lissafi, kuma sau da yawa shi ne layin da ya faɗi a gefen hoto, wani lokaci ma ba bisa kuskure ba.

Abin da muka ba ta ta kai wa jami'in jarrabawa na sashensu shafi ɗaya ne. Jadawalin a sama, jimlar takarda da tamu a jere, giɓin a ƙasansu, sai jimla ɗaya ta ladabi: "Malam, mun tara mun sami 55.50, takarda ta nuna 52.25, bambancin ya yi daidai da yunit ɗaya na Akanta, muna roƙon a duba mana." Ba kalmar cuta, ba kalmar zalunci. Ta haɗa da asalin takardar da ta rajista, domin ofis ba ya aiki da hoton waya. Malamin ya buɗe jadawalin sashen ya ga inda aka bar tsohon yunit a gidan ninkawa, ya ce gyaran na ajin ne gaba ɗaya kuma sai ya bi ta kwamitin sashe kafin a sake bugawa. An ɗauki makonni, amma sabuwar takarda ta fito da 3.08.

Sai dai mu san iyakar wannan aiki. Jadawali yana nuna ko takarda ta yarda da kanta, ba ya nuna ko 52 ɗin Ƙididdiga shi ne ainihin abin da ɗaliba ta ci. In an manta makin gwajinta, ko an ba ta na mai bi mata a lamba, jimloli za su daidaita tsaf a kan makin da ba nata ba. Wannan sai takardar amsa da rajistar malami. Haka kuma daidaituwar lissafi ba ta tabbatar da cewa hoton na gaskiya ne, domin mai sauya lamba a hoto yana iya sauya jimla tare da ita. Don haka in mun gama ba ma cewa "sakamakonki daidai ne". Cewa muke yi, "abin da aka buga ya taru daidai", ko "bai taru ba, ga giɓin, ga kuma layin da muke zargi". A yawancin takardun da muka duba ma amsa ta farko muke bayarwa, ita kuma tana buƙatar a faɗe ta da taushi, domin mai turo hoto galibi fatansa a ce an yi kuskure.

Abu na ƙarshe, takardar sakamako amana ce. Tana ɗauke da suna da lambar rajista, wani lokaci har da hoton mai ita. In za mu nuna wa wani don ya taya mu dubawa, jadawalin muke turawa, wanda ba suna a kansa. In dole sai hoton, mu rufe saman takardar tukuna, kuma sai da izinin mai ita. Idan aiki ya ƙare mu goge shi daga waya.

Ga wanda yake son ya gwada hannunsa kafin mako mai zuwa: a jadawalin da ke sama, a ce takarda ta buga yunit 18 da foyin 54.75. Giɓin 0.75 ke nan. Wane irin kuskure ne zai haife shi, kuma kwasa-kwasai nawa ne cikin bakwai ɗin za a iya zargi? Wanda ya amsa wannan ba tare da ya sake tara komai ba, ya kama bakin zaren.

Mu kwana nan. Sai mun sake haɗuwa.